Wasiƙar Neman Kuɗin Jirgi: Yadda Ake Roƙo Ba Tare Da Zubar Da Mutunci Ba

Idan Allah Ya nufi ɗanki da samun gurbin karatu a ƙasar waje, za ki tarar an yi fasfo, an yi biza, an ɗinka sutura, amma abu ɗaya ya tsaya, wato kuɗin jirgi. Jami'ar Musulunci ta Madina takan ba ɗalibanta tikiti, amma mai zuwa Azhar da kuɗin gidansu shi zai nemi nasa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, wannan kuɗi ya fi ƙarfin gidaje da yawa, sai an tuntuɓi ɗan'uwa mai hali.

A matsayina na malamar Islamiyya a nan Batagarawa, iyaye mata kan kawo mini irin wannan wasiƙa in duba. Abin da na lura shi ne, akasari ana cika ta da kirari da koke-koke, a ƙarshe a ce "a taimaka da abin da ya sawwaƙa". To 'yar'uwa, wanda aka ce wa haka zai aiko da dubu ashirin, ya ɗauka ya fita haƙƙi, kuma ba laifinsa ba ne. Ba a gaya masa nauyin kayan ba, yaya zai san irin gammon da zai naɗa?

A 2024 wata maƙwabciyata ta zo da ɗanta wanda zai tafi Alƙahira. Kafin mu rubuta ko harafi ɗaya, sai na tura shi wurin ejan mai sayar da tikiti, ya karɓo farashin a rubuce. Ga abin da muka aika wa wan mahaifiyarsa:

"Kawu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Da izinin Baba nake rubuto maka. Allah Ya sa na sami gurbi a Azhar, kuma biza ta fito. Baba ya biya duk sauran hidimomin, saura tikitin jirgi daga Kano zuwa Alƙahira, naira 750,000. Mun haɗa 250,000, muna neman cikon 500,000 a matsayin taimako, ba rance ba. Ejan ya riƙe mini kujera zuwa ranar Alhamis. Ga takardar shiga makaranta da ta farashin na haɗo. In ka ga dama ka biya su kai tsaye. In kuma bai samu ba a yanzu, addu'arka ta wadatar."

Ki duba, an ambaci mahaifin yaron tun farko. Wannan ya kare darajar maigida, don kada dangi su ce kin zagaye shi kin kai kukan gidansa waje. An kuma nuna abin da gida ya yi, domin mutum ya fi son ya kama wa wanda ya riga ya ɗago kayansa. Sannan an fayyace cewa kyauta ake nema. Sau da yawa zumunci kan lalace ne saboda mai bayarwa ya ɗauka bashi ne, mai karɓa kuwa ya ɗauka alheri ne.

Maganar ranar Alhamis kuwa ba takura ba ce. Riƙe kujera daban, sayen tikiti daban. Ejan kan riƙe kujera na ɗan lokaci ne kawai; in wa'adin ya wuce ba a biya ba, sai ta warware, kuma farashin da za a sake samu yana iya ɗarawa. Idan Kawu bai san haka ba, zai bari sai ƙarshen wata, kuɗinsa su zo ba su isa ba.

Bayan an biya, ki sa yaron ya duba abu biyu. Na farko, tikitin gaske yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 13; in babu ita, takardar riƙe kujera ce kawai aka ba shi. Na biyu, sunan da ke jiki ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. In fasfo ya ce Muhammad, tikiti ya ce Mohammed, ana iya tsayar da shi a filin jirgi, gyaran kuma yakan ci kuɗi.

Daga nan sai a tura wa Kawu hoton tikitin da rasit a ranar, yaron kuma ya je ya yi masa sallama da ƙafarsa. Wanda ya ga inda kuɗinsa suka shiga, ba zai ƙi ɗaukar waya ba ranar da ƙanen yaron ya taso. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilmi mai amfani, amin.