Shekara huɗu a bakin gadon Malam

Malam ya faɗi ne da asuba yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan sati uku aka sallamo mu daga asibiti da sharaɗi: a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambo ya fito masa a ƙugu da diddige. Yara suka ce za a yi karɓa-karɓa. Na ce ba wanda zai taɓa min miji ina raye. Wannan maganar ce ta kusa kai ni ƙasa.

Na ɗauka gajiyar jinya a baya da gwiwa take farawa. Ashe hali take fara ci. Wajen wata na biyar, 'yan dubiya in sun yi sallama sai in ji gabana ya faɗi, don na san sai na tashi na kawo ruwa, na zauna na amsa "ya mai jiki?" sau goma. Na daina zuwa suna da biki, har na daina jin kewarsu. Ina kwance sai in ji kamar Malam ya kira ni, in zabura in tarar yana barci. Sau biyu na tsaya da maganin hawan jininsa a tafin hannu, na rasa ko na ba shi na safe ko ban ba shi ba. Nawa maganin kuwa ya ƙare tun watan jiya ban sake saye ba. Duk wannan na kira shi haƙuri.

Ranar da na gane, kunu nake ba shi. Bakin ya karkace, ba ya riƙe abu sosai, kunun ya zubo a kan zanin gadon da na shimfiɗa yanzun nan. Na daka masa tsawa, mutumin da muka yi shekara talatin ban ɗaga masa murya ba. Ya zuba min ido, hawaye na gangarowa. Na shige madafi na zauna a kan turmi, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

A nan maƙwabciyata ta same ni, tsohuwar nas ce. Ba ta yi min wa'azi ba.

"Yaya, yaushe rabonki da barcin awa biyar a jere?"

Na yi lissafi, tun kafin faɗuwar Malam.

"Wallahi, Yaya, in kika faɗi, gado biyu za a shimfiɗa a ɗakin nan. Wa zai juya wa?"

Ta ɗauko abin awo ta ɗaura min a hannu. Jinina ya fi na Malam hawa.

Na tara yara ranar Juma'a. Da can in sun ce "Inna, me kike buƙata?" sai in ce ba komai, Allah ya yi albarka. Shi ya sa ba su yi komai ba, kuma laifina ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai ka faɗa wa kowane hannu inda zai kama. Babban ya karɓi daren Litinin da Alhamis, ƙaninsa Talata da Asabar, ni kuma a waɗannan darare ina kwana a wani ɗaki in rufe ƙofa. Ɗaga Malam zuwa wanka ya koma hannun maza. Wadda ke aure nesa ta ɗauki kuɗin magani da na mai wanki. Muka ajiye littafi a kan taga, duk wanda ya ba da magani ya rubuta lokaci. Dubiya ta koma bayan la'asar zuwa magariba kawai.

Wannan ta ƙarshe ita ta jawo magana. Wata ƙanwar Malam ta ce na yi wa dangi katanga da ɗan'uwansu. Na ce mata, "Hajiya, ƙofa a buɗe take, daren Laraba ba kowa." Ta zo sau ɗaya. Ban ƙara jin zancen katanga ba.

Daren farko da na rufe ƙofa ban runtsa ba, kunya da tausayi sun hana ni. Sai a sati na biyu barci ya dawo, muryata ta sauko tare da shi.

Ke da kike jinya yanzu, kada ki jira ranar kununki. In kin fara jin haushin sallama, ko kina mantuwar magani, kira dangi a satin nan, kowa ki ba shi rana da suna. Malam ya ƙara shekara uku da rabi bayan wannan zaman, kuma har ya koma ga Allah gyambo bai taɓa fito masa ba.