Hoton waya a hannu da ya kusa ba mu kunya gaban masu zuba jari

1/ Jama'a bari in ba ku labarin hoto ɗaya tak da ya cinye min kwana uku. Ni da abokin aikina muna gina manhajar adashi ta ma'aikatan ofis: wa ya zuba, wa bai zuba ba, kwasar wa ce wannan satin. Aka ba mu minti biyar mu gabatar gaban masu zuba jari a Abuja. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama.

2/ Shafin farko na gabatarwar muna son hoton da kowa ya saba gani: hannu riƙe da waya, manhajarmu a fuskar wayar, baya kuma shagon kofi ya ɗan dushe. Kuɗin mai ɗaukar hoto babu. Na ce ai da sauƙi, injin zana hoto na ƙirƙirarriyar basira zai yi min a minti biyu.

3/ Ga abin da na fara rubutawa a wata manhajar zane ta kyauta:

```
hand holding phone showing savings app in a cafe
```

Hoto ya fito tas, har da tururin kofi. Na liƙa shi a shafin, na kwanta ina jin kaina gwani.

4/ Washegari muka je gwaji gaban wata Hajiya da ta daɗe a aikin banki, ita ke duba mana gabatarwar. Aka haska hoton a bango. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ɗana, wannan hannun na waye? Kuma adashin naku da dala ake zubawa?"

5/ Sai a lokacin na kalli hoton da kyau. Hannun Bature ne. Wayar irin mai tsadar nan ce da ko mutum ɗaya cikin masu gwada manhajarmu ba ya riƙewa. A fuskar wayar ga alamar dala, ga wasu haruffa masu kama da Turanci amma ba sa karantuwa. A ƙaramar fuskar kwamfutata ban lura ba. Bango kuwa ba ya rufa asiri.

6/ Laifina ne, ba na injin ba. Duk abin da ba ka faɗa ba, zai cike gurbin da abin da ya fi yawa a hotunan da aka horar da shi da su. Hotunan "hannu da waya a shagon kofi" kuwa galibinsu na tallan ƙasashen Turai da Amurka ne. Ka yi shiru kan launin fata, ya zaɓa maka.

7/ Batun rubutun ya fi wannan zurfi. Injin bai san manhajarmu ba, bai taɓa ganinta ba. Zana abin da ya yi kama da manhaja yake yi. Sababbin injinan sun iya rubuta gajerun kalmomi, amma ko sun rubuta daidai, fuskar da suka ƙirƙiro ba taku ba ce. Balle a zo ga ƙ da ɗ da alamar ₦.

8/ Daga nan na raba aikin biyu. Inji ya zana hannu, waya da shago. Fuskar wayar ya bar min ita fanko. Ni zan ɗora ainihin zanenmu na Figma da hannuna. Na biya kuɗin wata ɗaya na Midjourney, na sake rubuta umarnin:

```
close-up photo, dark-skinned West African man's right hand holding a plain black Android phone upright, blank dark grey screen facing camera, thumb on the side edge, phone on right third of frame, blurred cafe behind, window light from left, 50mm, shallow depth of field --ar 16:9 --style raw --no text, logo
```

9/ Kowace gaɓa a ciki wahala ce ta sa na saka ta. `--ar 16:9` saboda siffar shafin gabatarwa ke nan, kada in zo ina yanke hoto. `right third` don gefen hagu ya zama fili inda sunan kamfani da jimla ɗaya za su zauna. `--style raw` yana rage kwalliyar da injin ke ƙarawa, hoton ya fi kama da na kyamara.

10/ `facing camera` da `thumb on the side edge` su suka fi cetona. In wayar ta karkace sosai, rubutun da za ka ɗora zai matse, ba mai iya karantawa. In babban yatsa ya hau kan gilashin, sai ka zauna kana zagaye shi da hannu don zanenka ya shiga ƙarƙashinsa. Ana yi, amma ɓata dare ne.

11/ Za ku ji ana cewa a nemi koriyar fuska irin ta masu fim. Na gwada. Matsalar ita ce injin yana ɗaukar koren a matsayin haske, sai ya watsa shi a kan yatsu da gefen wayar. Ka cire koren, ka bar hannu mai kore-kore kamar an shafa masa kuka. Toka mai duhu ba ta yin haka, kuma kusurwoyin gilashin suna fitowa a fili.

12/ Hotuna huɗu yake bayarwa a kowane zagaye. Na yi zagaye kusan goma sha biyu. Yadda nake tacewa: in ƙirga yatsu tukuna. Riƙon waya na gaskiya, babban yatsa a gefe ɗaya, kawunan yatsu uku ko huɗu suna leƙowa a ɗaya gefen. Sai in duba farce, sai gefen wayar ko ya miƙe. Sau da yawa hannun lafiya lau, wayar ce ta lanƙwashe kamar an bar ta a rana.

13/ Wanda na zaɓa komai ya yi, sai ƙaramin yatsa da ya narke cikin murfin wayar. Ban sake zana hoton duka ba. Da `Vary (Region)` na zagaye wurin kaɗai, aka sake shi, sauran hoton bai motsa ba.

14/ Nan muka yi musu da abokin aikina. Ya ce wace mai adashi ce ke zama shagon kofi? A kai hoton teburin mai shayi ko kasuwa. Yana da gaskiya rabi. Amma mu ma'aikatan ofis masu albashi muke nema, kuma su kan zauna irin wuraren nan a Abuja da Kano. Muka tsaya a shagon, muka cire kofi mai zanen fure a kai.

15/ Na so kofin zoɓo a teburin. Na rubuta sunansa kai tsaye, aka ba ni wani abu mai kama da lemo. Da na kwatanta shi, `glass of dark red hibiscus drink`, sai ga shi. Abin namu in injin bai san sunansa ba, faɗa masa launi da siffa.

16/ Yanzu ɗora fuska. Hoton yana fitowa 1456 a 816, bai kai 1920 a 1080 na shafin ba. Don haka na fara ƙara girmansa ninki biyu KAFIN in ɗora zanenmu. In ka ɗora sannan ka ƙara girma da inji, zai taɓa haruffanka, ƙ ta koma k ko wani abu daban.

17/ Na buɗe shi a Photopea, kyauta ce kuma a burauza take aiki. Na jawo zanen fuskar, `Edit > Transform > Distort`, na ja kusurwa huɗu zuwa kusurwoyin gilashin. Sai na ga hotunan mambobi da ke zagaye sun koma kamar ƙwai.

18/ Dalili: zanenmu 360 a 800 ne, wato tsawo ya ninka faɗi sau 2.22, siffar yawancin wayoyin Android na yanzu. Wayar da injin ya zana ba ta wani kamfani ba ce, shi ya ƙago ta. Na auna gilashinta, ninkin 2.05 ne. Na koma Figma na mai da zanen 360 a 740, na fitar da shi `3x`. Ƙwai ya koma da'ira. In akwai abu mai zagaye a zanenku, shi ne ma'auninku.

19/ Duk da haka ya yi kama da takardar da aka manna. Abu uku suka gyara shi. Na lanƙwasa kusurwoyin zanen su bi na gilashin. Na rage haskensa kaɗan, don farin fuskar ya fi komai na shagon haske. Sannan na kwafi gilashin asali na ɗora a sama da `Screen`, na rage ƙarfinsa, sai ɗan ƙyallin tagar hagu ya dawo kan zanen.

20/ Saura abin da ban taɓa tunani ba sai da Hajiya ta koma kujerar ƙarshe ta ce ba ta ganin komai. Lissafin ga shi: gilashin wayar ya ci kusan 750 cikin 1080 na tsawon shafin. Zanenmu 740 ne. Kusan ɗaya da ɗaya ke nan. Rubutu mai girman 14 a manhaja ya zama fiksel 14 a shafin, daidai da girman 7 a PowerPoint. Wa zai karanta 7 daga bayan zaure?

21/ Sai na yi fuska ta musamman don hoton. Na cire jerin mutum goma da ƙananan bayanai. Na bar abu uku: "Kwasar wannan sati", ₦50,000 da girman 56, sai "8 cikin 10 sun zuba". Mutum goma, dubu biyar-biyar. Daga ƙofa ma ana karanta adadin.

22/ Amma wannan ya jawo wata magana. Fuskar da ke hoton yanzu ba ita ce ke cikin manhajar da ke aiki ba, an yi mata kwaskwarima. Abokina ya ce ba wanda zai tambaya. Hajiya ta ce: "In suka gano da kansu, ba hoton za su daina yarda da shi ba, lissafinku ne." Muka sa ƙaramin rubutu a ƙasa: hoton misali.

23/ Ranar gabatarwa kuwa aka tambaya. Ɗaya daga cikinsu ya nuna bangon ya ce wannan manhajar tana aiki ko zane ce? Na ce ranka ya daɗe, hannun da shagon inji ne ya zana, fuskar zanenmu ce da muka ƙara wa girma, mai aikin kuma ga ta. Na miƙa masa Tecno ɗina mai tsagaggen gilashi.

24/ Ya yi kusan minti ɗaya yana latsawa, ya ga jerin mutum goman da ƙananan rubutun da na ɓoye. Ya tambayi me ke faruwa in wanda ya riga ya kwasa ya daina zubi. A kan wannan muka ƙare lokacinmu, ba a sake komawa kan hoton ba. Kuɗi dai ba mu samu ranar ba, sun ce mu dawo da bayanan wata uku na rukunonin da ke amfani da ita.

25/ Masu tambaya ta akwatin saƙo ko umarnin zai yi da hannun mace: zai yi, ku canza `man's` zuwa `woman's`. In kuna son lalle ku rubuta `henna`, amma ku ƙara duba yatsun sosai, don zanen lallen yana ɓoye inda yatsa biyu suka haɗe. Sai da na ƙirga sau biyu kafin na ga na shida a wanda na yi wa ƙanwata.