Zinariyar da ke fitowa daga akwati

Duk shekara idan Majalisar Zinariya ta Duniya ta fitar da alƙalumanta, abokan aikina kan fara duba abin da aka haƙo daga ƙasa. Ni layi na biyu nake fara dubawa, wato tsohuwar zinariyar da aka sayar aka narkar, domin a nan ne ake ganin yadda kasuwa ke amsa farashi.

A ɗauki shekarar 2024. Ma'adinai sun fitar da kimanin tan 3,660, tsohuwar zinariya ta ƙara kimanin tan 1,370, jimilla kusan tan 5,000. A shekarar farashi ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a dala, amma haƙa ba ta ƙaru ko da kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali narkarwa ta ƙaru da kusan kashi 11.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga ranar da aka gano jijiyar zinariya zuwa ranar da za a zubo sandar farko, akan shafe shekara goma ko ashirin ana bincike da neman izini da kafa injina. Kamfani ba zai ninka aikinsa don farashi ya tashi a watan jiya ba. Amma matar da ke da sarƙa da ɗan kunne a akwati, yini guda ya ishe ta ta je wurin mai awo. Kusan kashi 90 na zinariyar da ake narkarwa daga kayan ado take fitowa; ragowar daga na'urori da masana'antu, inda tsamo ta ke da wahala da tsada. Kuma rumbun da ake ɗiba babba ne: zinariya ba ta ruɓewa, abin da ke hannun mutane ya haura tan 200,000, fiye da haƙar shekara hamsin.

Sai dai a kula da ma'anar alƙaluman. Zinariyar da aka sayar aka karɓi kuɗi ita kaɗai ake ƙirgawa. Idan uwa ta kai tsohuwar awarwaro aka musanya mata da sabuwa don auren 'yarta, kamar yadda ya zama ruwan dare a Indiya, wannan ba ya shiga lissafi, haka ma ɓurɓushin da maƙeri ke sharewa ya mayar tukunya. Kasuwa ba ta sami ƙarin komai ba.

A ganina layin haƙa ma ba tsabtatacce ba ne. Abin da masu haƙa da hannu ke fitarwa a Zamfara ko Jado ta Nijar kiyasi ake yi masa, kuma da zarar an narkar da shi babu mai bambanta shi da tsohuwar sarƙa. Ta haka wata zinariyar rami ke isa matatar ƙetare da takardar da ta kira ta tsofaffin kayan ado, a ƙirga ta a layin da ba nata ba.