Iya tuƙi daban, lasisi daban

Tallan aiki guda uku na jera, duka ƙungiyoyi ne ke neman mai tattara bayanai a ƙauyuka: ɗaya a Yendi, ɗaya a Salaga, ɗaya a Bawku. Sharaɗin da ya fito a duka ukun kaɗai na ɗauka da gaske, domin sauran galibi fata ne.

Dukansu sun ce babur. Tun ina yaro nake hawa, amma ba iyawa suke tambaya ba, lasisin DVLA mai rukunin A suke so. Abin da ba ka da takardarsa, a idon mai tantancewa ba ka iya shi ba. Wannan giɓin kuɗi da jarrabawa ke cike shi.

Sai KoboCollect. Na sauke shi a waya, na tsara fom mai tambaya goma, na gwada kan 'yan gidanmu har hannu ya faɗa. Mako biyu ya ishe ni.

Harshe ne ba ya gyaruwa da sauri. Hausa tana ci a zango da kasuwa, amma ƙauyukan Bawku Kusasanci suke so, na Yendi Dagbanci. Ina jin Dagbanci, saboda haka Yendi na tura takarduna.