Takardar da Muka Hana Malam Miƙawa

Bayan sallar isha'i ya same mu a majalisarmu ta Bukan Sidi, da takarda shafi uku a hannu. Ƙaninmu ne, malamin lissafi, shekararsa shida a wata makarantar kuɗi a nan Lafiya. Ya sami gurbi a wani wuri, ya rubuta takardar ajiye aiki, so yake mu duba masa Turancin kawai.

Turancin ba shi da laifi. Abin da ke ciki ne ya sa muka yi tsit. Ya kira mai makarantar azzalumi, ya tuno ranar da aka yi masa tsawa gaban ɗalibai, ya lissafo albashin wata biyu da ba a biya shi ba, ya rufe da "na bar muku aikinku daga yau, Allah ya isa."

Ba mu ce ƙarya ya yi ba, don mun san yadda ya sha. Dattijon cikinmu, wanda ya yi ritaya yana hedimasta, shi ya fara magana: "Malam, ina takardar da aka ɗauke ka aiki da ita?" Ya buɗo hotonta a waya. A ciki an rubuta cewa mai barin aiki zai ba da sanarwar wata ɗaya, ko a cire masa albashin wata ɗaya a madadinta. Haka ma sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar.

Sai muka yi wa malamin lissafi lissafi. Albashinsa naira 45,000, yana bin su 90,000. Kalmomin nan biyu, "daga yau", sun ba su hujjar riƙe rabin kuɗin. Ya yi shiru yana kallon takardar.

Dattijo ya ƙara da abin da ba mu yi tunaninsa ba. Takardar ajiye aiki fayil take shiga. Bayan shekara biyu ko uku, in sabon wurin aiki ya nemi shaida a kansa, mai yiwuwa wanda zai buɗe fayil ɗin bai ji tsawar da aka yi masa ba, bai san an riƙe masa albashi ba. Zagin kawai zai gani, da sa hannun Malam a ƙasa. Ga shi Lafiya ba ta da girman da masu makarantu ba za su haɗu a wurin ɗaurin aure ba.

Washegari ya dawo da ta biyu, ita kuma ta zarce. Ya yi ta yabo, har da cewa zai tafi "ba tare da wani ƙorafi ba". Muka soke wannan layin nan take. Mutumin da ke bin bashin wata biyu ba ya sa hannu a kan cewa ba shi da ƙorafi. Wani daga cikinmu ya ce a cire godiyar gaba ɗaya, tunda ba daga zuci take ba. Muka ɗan ja da shi, sannan muka tambayi Malam ko akwai abin da zai gode wa da gaske. Ya ce akwai: a nan ya fara riƙe ajin da ke shirin jarrabawar fita, kuma yaran sun shiga ransa. To, shi muka rubuta.

Ga ma'anar abin da ya rage, bai kai rabin shafi ba:

"Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina na malamin lissafi. Wannan ita ce sanarwar wata ɗaya da takardar ɗaukata aiki ta tanada, kuma ranar aikina ta ƙarshe ita ce 31 ga Yuli. Na gode da damar da na samu ta koyar da ɗaliban nan tsawon shekara shida. Kafin ranar zan miƙa rajistar aji, makin gwaje-gwaje da littafin tsarin darasi ga wanda kuka zaɓa. Maganar haƙƙoƙina da suka rage tana cikin wata takarda daban."

Ranar ma da gangan muka zaɓe ta, don ta faɗo bayan jarrabawar zango na uku, kada a ce ya watsar da yara a tsakiyar hanya. Ita kuwa takarda ta biyun layi huɗu ce: watannin da ba a biya ba, adadin kuɗin, lambar asusunsa, da roƙon a biya kafin ranar tafiya. Babu "azzalumi", babu "Allah ya isa". Kowacce ya buga kwafi biyu, ya miƙa ɗaya, aka sa masa hannu da kwanan wata a kan ɗayar ya riƙe.

An biya shi wata ɗaya kafin ya tafi, an kuma ba shi takardar shaidar aiki. Ragowar 45,000 har yanzu yana bi, kwafinsa mai sa hannu yana aljihu. Shafi ukun nan na farko suna wurin dattijo. Malam ya nema sau biyu, ya ce masa sai an gama biyansa.