Ƙwallonka ba balan-balan ba ne

'Yan uwa masu koyon Blender a harabar KASU ta Kafanchan, kusan duk aikin da aka nuna min a zangon nan ciwo ɗaya ne: ƙwallo na saukowa a hankali kamar auduga, ya taɓa ƙasa a ladabce, ya tashi. Sai mutum ya yi ta ƙara keyframe har caji ya ƙare, alhali ranar miƙa aiki ta matso.

Ku buɗe Graph Editor, ku duba Z Location kawai. In ƙasan layin ya lanƙwashe kamar ƙwarya, to nan matsalar take. Bezier yana rage gudu kafin kowane keyframe, shi kuwa abin da ke faɗowa ƙara gudu yake har ya bugi ƙasa. Ku zaɓi ɗigon da ke ƙasa, ku danna V, ku ɗauki Vector. Wurin zai yi tsini, nan take za ku ji nauyi. Sannan ku ɗan ja hannayen ɗigon sama gefe da gefe, don ƙwallon ya jinkirta kafin ya juyo.

Ku ƙirga firam kuma. Faɗowa daga mita ɗaya ba ta kai rabin daƙiƙa ba, wajen firam 11 ke nan a 24 fps. Wanda ya ba ta 30, wallahi ko ya kwana yana jan hannaye, shawagi zai gani.

In kuma motsin ya sandare kamar na mutum-mutumi, layin miƙe yake sambal, wato Linear. Danna T, koma Bezier, sai ka gyara wurin bugun ƙasa kaɗai.