Tambayoyin da Nake Yi wa Mai Gabatar da Labarin Honda

Na tsufa ina sauraron ɗaliban kasuwanci suna gabatar da nazarin da suka yi a kan kamfanoni, kuma abin da ya fi damuna da su shi ne sun san ƙarshen labari tun kafin su fara. Wanda ya san kamfani ya ci nasara, duk matakin da kamfanin ya ɗauka sai ya zame masa hikima, ko da lalube ne. Shi ya sa nake so a ba su labarin shigar baburan Honda kasuwar Amurka, domin labari ne mai baki biyu.

Baki na farko shi ne rahoton da kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya a 1975, a kan abin da ya durƙusar da masana'antar baburanta. Rahoton ya nuna Honda a matsayin mai tsari tun daga tushe. Ta ƙera ƙananan babura masu ɗimbin yawa a Japan, yawan ya karya kuɗin ƙera kowane guda, ta shiga Amurka da ƙaramin babur mai araha, daga nan ta hau zuwa manya. Ɗalibi yakan zana wannan a allo tsaf, mataki na bin mataki, ya juyo yana jiran tafi.

A nan nake fara tambaya: ɗana, wa ya ba ka wannan labari, kuma yana wurin lokacin da abin ya faru? Masu rahoton sun duba alƙaluman ciniki da na ƙera kaya ne bayan shekaru, suka ga siffa, suka kira ta dabara. Wani malami, Richard Pascale, ya je ya zauna da jami'an Honda da suka yi aikin da hannunsu, ya buga abin da suka gaya masa a 1984. Labarinsu daban ne.

Sun sauka Los Angeles a 1959, ƙarƙashin jagorancin Kihachiro Kawashima. Gwamnatin Japan ta yarda su fita da jarin dala 250,000 kawai, a ciki ma dala 110,000 ce tsabar kuɗi, saura kaya ne. Burinsu manyan babura, masu inji si-si 250 da 305, don sun ga Amurka ƙasa ce ta dogayen hanyoyi da manyan motoci. Ƙaramin nan mai si-si 50, Super Cub, dangin wanda muke kira roba-roba, sun zo da shi amma ba su ɗora masa fata ba. Sun ma ji tsoron tura shi gaba, kada ya zubar musu da ƙima a idon mahaya manyan babura.

Tambaya ta biyu ita ce na fi daɗewa a kanta. Nakan ce wa mai gabatarwa ya nuna mini adadin da suka sa a gaba, ya gaya mini yadda aka same shi. A lokacin Amurka na shigo da baburan Turai kusan 60,000 a shekara. Mutanen Honda suka ce bari su nemi kashi 10 cikin ɗari, wato 6,000. Lissafin daidai yake, ba wanda zai kama shi da kuskure. Amma sai in ce: kashi 10 na me? Na mutanen da suka riga suka saba sayen babur. A ƙarƙashin wannan adadi akwai zaton da ba wanda ya rubuta, cewa kasuwar babur ita ce masu hawan babur na yau. Ɗalibin jami'a da matar gida da ma'aikacin ofis, waɗanda ba su taɓa taka shagon babur ba, ba su shiga lissafin ba sam, alhali su ne suka zo suka sayi ƙaramin. Na lura irin wannan zato ya fi son ɓuya a cikin adadin da ake ɗiban kaso daga gare shi. Kowa a ɗakin yana gardama ko kashi 10 ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ba mai taɓa 60,000 ɗin.

Akwai zato na biyu, kuma shi ya kusa kashe aikin. Sun ɗauka babur da ya yi ƙarko a Japan zai yi ƙarko ko'ina. Da aka shiga 1960 sai manyan suka fara dawowa, baƙin mai na yoyo, kuloci na ƙonewa, domin Ba'amurke yana tafiya mai nisa da gudu mai yawa fiye da yadda aka saba a titunan Japan. Dole aka kwashi baburan a jirgin sama zuwa gida don a gyara ƙirar. Saboda haka nakan tambayi ɗalibi: me ya wajaba ya zama gaskiya kafin wannan shiri ya yi aiki, kuma nawa za a kashe a gwada shi tun da wuri? A nan gwajin ba shi da tsada. Babur guda ne a kan babbar hanyar Amurka, a sake masa wuta na tsawon yini.

Ana cikin wannan hali, ma'aikatan suna hawan ƙaramin zuwa aike a cikin gari, mutane suna tsayar da su suna tambayar inda ake sayarwa. Har wani mai saye na kantunan Sears ya kira su. Da farko sun yi jinkiri. Da manyan suka lalace, ba su da zaɓi, suka saki ƙaramin, kuma masu kantin kayan wasanni ne suka fi karɓarsa, ba dillalan babur ba. Tambayata a nan gajeruwa ce: wace alama ce ta sa suka juya, wa ya fara ganinta, kuma me ya sa aka saurare shi?

Wani ɗalibin, da ya ji wannan, sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya ce ai duk sa'a ce. Wannan ma ba na bari ya wuce. Nakan ce, to me ya sa sa'ar ba ta faɗa wa Triumph ko BSA na Birtaniya ba? Honda ta fitar da Super Cub a Japan tun 1958, ya karɓu ƙwarai, ta gina babbar masana'anta a Suzuka a 1960 don ƙera shi. Da Amurkawa suka nema, akwai kayan, kuma da araha. Masu rahoton 1975 sun yi gaskiya a kan ƙarfin da yawan ƙira ke bayarwa. Inda suka zarce shi ne nuna cewa an tsara hanyar tun farko.

Na fi jin tausayin kamfanonin Birtaniya, don shawararsu kowane akanta zai sa mata hannu. Sun ga ƙananan babura ba riba, suka janye zuwa manya inda ribar take. Kowace janyewa tana da hujja a littafin shekarar. Abin da suka ɗauka tabbas shi ne Japanawa za su tsaya a ƙanana. A 1969 Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu, ta same su a inda suka fake. Nakan sa ɗalibi ya zauna a kujerar manajan Birtaniya a farkon shekarun 1960, in hana shi amfani da duk abin da ya faru daga baya, in ce ya faɗi zaɓin da ke gabansa da wanda zai ɗauka. Yawancinsu, in sun yi gaskiya, janyewar suke zaɓa. Sai in tambaye su wane adadi ne, da manajan yana duba shi duk shekara, zai nuna masa bango na matsowa. Masu kaifin basira sukan gano cewa ba ribar bana ba ce, yawan baburan da abokin hamayya ke ƙerawa ne, da girman injin sabon da ya fitar idan aka gwada da na bara.